Likita na amsawa: gashi bayan iyo a ruwan kulorin da na gishiri

"Likita, ɗana yana karatu a Kano, yana zuwa iyo a wurin wankan wani otal. Gashinsa ya yi ja-ja, ya bushe kamar tsintsiya." Wani uba daga Kura

Kulorin da ake zuba wa ruwan don kashe ƙwayoyin cuta ne ya wanke maiƙon gashin, rana kuma ta kwashe launinsa. Ya riƙa jiƙa kansa sharkaf da ruwan famfo kafin ya shiga, ya ɗauraye da zarar ya fito. Idan ka ga gashin yana zubewa wuri-wuri da farin gari a kai, wannan ya fi kama da makero, ka kai shi asibiti.

"'Yata ta je wurin yayarta a Legas, suka shiga teku da kitso a kanta. Sati biyu ke nan, ta dawo gashi ya cuɗe yana karyewa. Maƙwabta sun ce a wanke da ruwan kanwa, sannan a sa rilaksa ya yi laushi. Bikinta ya kusa." Wata uwa daga Ringim

Baiwar Allah, don girman Allah kada ki bari kanwa ko rilaksa ta taɓa kan yarinyar nan yanzu. Wannan shawara tana ɓata mini rai ƙwarai, domin na sha ganin ƙarshenta: yarinya ta shigo da ɗankwali a ɗaure tamau, a kwance a ga tsakiyar kai ta ƙone tana tsatsafar da ruwa, gashi ya biyo mataji.

Kowane silin gashi yana da rufi mai hawa-hawa kamar jinkar ɗaki, maiƙon fatar kai ne ke kwantar da shi. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wajen cokalin cin abinci biyu. Idan ya bushe a cikin kitso, gishirin yana nan zaune yana zuƙe danshi, jinkar nan ta tashi, silin gashi su riƙa kama juna. Irin gashinmu mai nannaɗewa dama maiƙo ba ya saurin isa ƙarshensa, shi ya sa abin ya fi cin mu. To kanwa ita ma ɗaga rufin take yi, rilaksa kuwa karya ƙarfin gashin take yi daga ciki kafin ya miƙe. Gashin da ya riga ya galabaita ba zai ɗauka ba.

Ga abin yi. A jiƙa kitson da ruwan ɗumi mai yawa tukuna. A shafa kwandishana ko man kwakwa, a bar shi kamar minti 20, sannan a tsefe da yatsu daga ƙarshe zuwa tushe, ba gaggawa. A wanke da shamfu sau ɗaya, ban da omo da sabulun wanki. A sake sa kwandishana, a taje da mataji mai manyan haƙora, a ɗauraye, a shafa man kaɗanya tun gashin na da danshi. Ki sani gashin da ya saba zubewa kullum ya taru cikin kitson, don haka ganin dunƙule a hannu ranar tsifa ba abin tashin hankali ba ne.

Ki ɗauki sili ɗaya jiƙaƙƙe ki ja a hankali. Idan ya ɗan miƙe ya koma, da sauran ƙarfinsa. Idan ya tsinke nan take, ko ya yi ta jawuwa kamar cingam, a manta da rilaksa har sai sabon gashi ya fito. Bakin gashin da ya tsage babu man da zai haɗa shi, almakashi ne maganinsa. Kitson biki a yi sassauƙa. In akwai ƙuraje, mugunya ko zafi a fatar kai, asibiti za ku je kafin gidan mai kitso. Kada a jira a gama biki.

"Hular roba tana hana ruwa shiga?" Wata ɗaliba daga Dutse

Tana ragewa, amma ruwa na shiga ta gefen kunne da ƙeya. Ki jiƙa gashin, ki shafa mai kaɗan, ki sa hular, in kin fito ki ɗauraye.

"Mu da muke iyo a Tiga fa?" Wani matashi daga Bebeji

Babu kulorin a dam, ba kuma ruwan gishiri ba ne, ɗauraya ta ishe ka. Abin da nake ji maka tsoro tsargiya ce, wadda ke shiga ta fata a irin ruwan nan. Ka ga jini a ƙarshen fitsari, ka je asibiti a gwada, akwai maganinta.