Amsa ga ɗan ƙanwata kan hoton hirar da ya tura

"Kawu, na ɗauki hoton hirarmu da abokina inda ya ce ba zai zo taronmu ba, na tura wa wani, shi kuma ya saka a zaurenmu na WhatsApp. Saƙon muryar da ya bayyana cewa mahaifiyarsa ce ba lafiya bai fito ba, yanzu ana cewa ya raina mu. A al'ada, saƙon waya ya isa neman afuwa, ko sai na je da kaina, ko in sa wani babba?"

Ɗana, ka rubuta masa yau, kada ka bari sai kun haɗu. Zuwa da ƙafa yana nan da darajarsa, kuma za ka je daga baya, amma maganar da ta bi waya takan yaɗu cikin sa'a guda, kuma muddin kana shiru, abokinka zai ɗauka da gangan ka yi. Sa babba a tsakani kuwa ana yin sa ne idan magana ta kai ga gaba, ko idan wanda aka ɓata wa ya girme ka nesa ba kusa ba. Tsakanin abokai biyu, aiko wani yakan ƙara wa ƙaramar magana nauyi, ya kuma ƙara yawan masu jin abin da tun farko bai kamata ya fita ba.

Kafin ka rubuta, ka fahimci yadda ɓarnar ta auku, domin ita za ka faɗa. Hoton fuskar waya yana kama abin da ke kan gilashin a lokacin kaɗai. Abin da aka faɗa a sama ba ya shiga, saƙon murya kuma, ko da alamarsa ta fito, ba mai iya sauraronsa a cikin hoto. Haka kuma hoton da kansa yana nuna wayar da aka ɗauke shi, domin saƙonnin mai wayar suna jere a gefe guda, sunan abokin hirar kuma yana sama kamar yadda mai wayar ya ajiye shi. Saboda haka abokinka ya riga ya san daga hannunka ya fita, kuma duk wani kewaye-kewaye zai karanta shi ne a matsayin ƙarya ta biyu.

Ka fara gyara wurin da maganar ta lalace. Ka rubuta a zauren cewa hoton daga wurinka ya fito, bai cika ba, kuma abokinka yana da uzuri mai ƙarfi da ya faɗa maka. Kada ka ambaci rashin lafiyar mahaifiyarsa, kada kuma ka tura saƙon muryar don wanke shi, domin kai ya faɗa wa, kuma shi ne mai ikon sanar da jama'a. Ka roƙi wanda ya saka hoton ya goge ta hanyar "Delete for everyone", wadda ke aiki cikin kimanin kwana biyu da turawa, sai dai ka sani gogewar ba ta taɓa hoton da wasu suka riga suka tura gaba.

Daga nan sai ka aika wa abokinka shi kaɗai:

"Salamu alaikum. Ni na ɗauki hoton hirarmu na tura, ba da izininka ba, kuma bayanin da ka yi mini da murya bai shiga ciki ba, shi ya sa aka yi maka mummunar fahimta. Laifina ne. Na sanar a zaure cewa hoton bai cika ba, ban faɗi dalilinka ba. Don Allah ka yafe mini. Allah ya ba Mama lafiya."

Ka lura ban saka sunan wanda ya watsa hoton ba, ko da yake shi ma yana da nasa kason, domin da zarar ka ce "wane ne ya saka", saƙon ya tashi daga neman afuwa ya koma rabon laifi. Ban kuma rubuta "idan ranka ya ɓaci" ba, saboda wannan "idan" tana mai da matsalar kan zuciyarsa, alhali aikinka ne sanadi. Niyyarka, ko da mai kyau ce, ka ajiye ta sai ya tambaya. Mutumin da ke jinyar mahaifiyarsa ba shi da sukunin karanta dogon bayani, kuma yawan bayani a nan kare kai ne.

Idan ya karanta bai amsa ba, kada ka bi shi da wani saƙon, kada kuma ka tura mutane su tambaye shi ko ya gani. Ka ba shi kwana ɗaya ko biyu, sannan ka kira shi ka tambayi jikin mahaifiyarsa, ka nemi lokacin da ya dace ka zo dubiya. Idan ka je, ka maimaita neman afuwar da bakinka sau ɗaya, a keɓe, ba a gaban majinyaciya ba.