Yadda Za Ka Tsayar da Lasisin Microsoft 365 Kafin Ya Sabunta Kansa da Sabon Farashi

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin buga takardu a Kano, kuma muna amfani da Microsoft 365 Business Standard na mutum biyar. Wa'adin shekarar zai cika ranar 10 ga Maris, na kuma ji cewa farashi zai ƙaru. Idan na kwashe kuɗin da ke cikin katina, shin lasisin zai tsaya da kansa?

Amsa: Malam, ina roƙonka kada ka bi wannan hanya. Kwashe kuɗi daga kati yana hana a ciri kuɗin ne kawai, amma yarjejeniyar tana nan daram, za ta sabunta kanta a ranar da wa'adi ya cika, sannan a rubuta maka bashi a kan sabon farashin. Abin da ya kamata ka kashe shi ne sabuntawar, kuma dole ne ka yi hakan kafin ranar 10 ga Maris.

Da farko ka tabbatar da wanda ya sayar maka da lasisin, domin daga nan hanya ta rabu biyu. Idan kai tsaye ka saya daga Microsoft, ka shiga admin.microsoft.com da asusun mai kula da kamfanin, ka buɗe Billing, sannan Your products, ka zaɓi lasisin. A shafin da zai buɗe za ka ga Edit recurring billing, sai ka mayar da shi Off ka adana. Alamar cewa aikin ya yi ita ce shafin zai daina nuna ranar sabuntawa, ya koma nuna ranar ƙarewa. Ka ɗauki hoton wannan shafi ka ajiye. Da wannan, ma'aikatanka za su ci gaba da aiki har ranar ƙarshe da ka biya, kuma ba za a ɗaura maka wata shekarar ba.

Idan kuwa ta hannun dillali ka saya, kamar yadda ƙananan kamfanoni da yawa suke yi domin su biya da naira, to mabuɗin yana hannunsa. Ka aika masa da saƙo a rubuce, ka faɗi sunan lasisin da adadinsa, ka bayyana cewa kana so ya ƙare gaba ɗaya a ƙarshen wa'adi ba tare da an tsawaita shi ba, ka kuma nemi ya amsa maka a rubuce. Ka duba takardar yarjejeniyarku, domin wasu dillalan suna sharɗanta a sanar da su makonni kafin ranar. Ni a ganina, wata biyu kafin cikar wa'adi shi ne lokacin da ya dace.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan lokaci shi ne ƙa'idar kwana 7. A tsarin da Microsoft ke bi yanzu, idan lasisin shekara ya sabunta, kwana 7 kaɗai gare ka ka soke shi ko ka rage adadinsa, a mayar maka da kuɗin kwanakin da ba ka ci ba. Idan waɗannan kwanaki suka wuce, shekarar ta hau kanka. A ce kuɗin mutum ɗaya dala 12.50 ne a wata: mutum biyar a wata 12 ya kama dala 750, kuma duk ƙarin da aka yi a kan kuɗin mutum ɗaya na wata zai ninka sau 60. Wanda ya farga ranar 14 ga Maris yana da mafita, amma wanda ya farga ranar 25 ga wata sai dai ya kashe sabuntawar shekara mai zuwa, ya biya ta bana. Biyan kuɗi wata-wata ma ba ya nufin yarjejeniyar ta wata ɗaya ce. Mutane da yawa sun ɗauki alkawarin shekara ne suna biyansa kashi 12, saboda haka ka karanta abin da aka rubuta a shafin lasisinka.

Kafin ranar ƙarewa, ka sauke duk fayilolin da ke OneDrive da SharePoint zuwa kwamfutarku, ka fitar da saƙonnin Outlook a matsayin fayil ɗin .pst, domin bayan wani lokaci ana goge bayanan lasisin da ya ƙare, kuma ba sa dawowa. Idan adireshin imel na kamfaninka yana tafiya ta Microsoft, ka mayar da shi wani kamfanin imel tun da wuri, don kada saƙon abokin ciniki ya riƙa komawa ga wanda ya aiko shi.

Idan har mutum biyu daga cikin biyar ɗin suna buƙatar Word da Excel kullum, kashe sabuntawar bai hana ka sayen lasisi biyu kawai ba. Akwai kuma tsarin wata ɗaya, wanda ya fi na shekara tsada da kashi 20 cikin ɗari, amma kana iya barinsa a ƙarshen kowane wata.