Tambayoyinku Kan Fasaha: Filta Ko Hasken Taga a Hoton Neman Aure?

"Malam, wata uku ke nan ina kan Muzz, manhajar neman aure ta Musulmi. Na zauna na rubuta bayanina tsaf, karatuna, sana'ata ta ɗinki, irin mijin da nake so, amma shiru kake ji. Ƙawata da muka buɗe tare layi biyu kawai ta rubuta, sai dai hotunanta duk da filta, ta yi fari fat, kullum wayarta ƙara take. In bi sahunta ne?"
Wata 'yar'uwa daga Aboabo, Kumasi

Kada ki bi, ƙanwata. Amma gaskiyarki ce, hoto ne ke jan ragamar waɗannan manhajoji, kuma haka aka gina su. Tun da Tinder ta fito a 2012 sauran suka kwaikwayi tsarinta: hoto ya cika fuskar waya, rubutu na ƙasa, sai mai niyya ya gangara ya same shi. Ido kuwa ba ya jira. A 2006 masu bincike a Jami'ar Princeton sun nuna cewa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum ya gama yanke hukunci a ransa kan fuskar da ya gani, ko mai amana ce ko a'a. Kafin ya kai ga karatunki da keken ɗinkinki, babban yatsansa ya riga ya wuce.

Shafin OkCupid ya taɓa gwada abin a fili. A watan Janairun 2013 ya ɓoye hotunan kowa na 'yan sa'o'i, sai aka ga mutane sun fi amsa saƙo, hira ta fi zurfi. Ana maido da hotuna, hirarrakin da aka faro a duhu suka watse kamar an watsa wa kaji tsakuwa. Saboda haka rubutunki bai tafi a banza ba, shi ne zai riƙe mutumin kirki idan ya shigo. Hoton farko ne ƙofar, ita ce a rufe.

Filta dai ba ita ce mabuɗin ba, kuma wannan magana tana ci mini rai. Wani matashi ya taɓa kawo mini wayarsa gyara a shago, fuskarsa a murtuke. Daga Accra ya hau mota, ya sha zaman sa'o'i a hanya, ya zo ganin yarinyar da suka yi wata biyu suna hira. Ya yi sallama a ƙofar gida, wata budurwa baƙa kyakkyawa ta fito da murmushi, ya gaishe ta, ya ce don Allah ta kira masa yayarta. Ita ce. Ya nuna mini hoton: an goge zanen da ke kumatunta, an tsuke haɓa, an mayar da ita kalar madara. Ya ce mini wallahi da ainihin fuskarta ya gani tun farko da ya zo da gudu, abin da ya kashe masa jiki shi ne tunanin me kuma aka gyara masa a cikin zancen. Maganar ba ta kai ga iyaye ba. Annabi (SAW) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya dubi matar da yake nema, don hakan ya fi sa a daidaita. To me aka duba idan fuskar da aka nuna ta manhaja ce?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da yawanku ba ku ma san kuna filta ba. Wayoyin Tecno da Infinix da ke hannun kowa a zango suna da `Beauty` a cikin kyamara, kuma sau da yawa kyamarar gaba tana sulɓe fata ba tare da an sa ta ba. Ɗauki hoton da kika yi jiya, ki buɗa shi da yatsu biyu har kumatu su cika fuskar wayar. Idan ba ki ga ƙofofin gashi ba, fatar ta zama kamar ta 'yar tsana, to an taɓa ki. Shiga `Beauty` ɗin ki mayar da komai sifili, na gogewa da na haske da na tsuke fuska.

Na san abin da za ki ce: in na kashe, sai in fito da duhu, hanci kamar an hura. Laifin ba na fuskarki ba ne, na tazara ne da haske. Selfi ƙarya yake yi wa mutum. Wani bincike da aka buga a 2018 a wata mujallar likitocin gyaran fuska ya auna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Abin da ya fi kusa da gilashin kyamara shi ke kumbura, kunnuwa kuma su ja baya. Don haka ba wa ƙanwarki wayar, ta juya kyamarar baya wadda ta fi ta gaba kyau nesa ba kusa ba, ta ja baya taku biyu manya, ta danna `2x`, ta riƙe wayar daidai tsayin idonki. Kada ta ɗaga sama, kada ta harbo daga ƙasa. Kafin nan a goge gilashin da gefen mayafi. Rabin hazon da kuke kawo mini ƙararsa man kaɗe ne daga yatsunku.

Sai haske. Baƙar fata tana son haske mai taushi da ke zuwa daga gaba. Tsaya a cikin ɗaki kina fuskantar taga ko buɗaɗɗiyar ƙofa, mai ɗaukar ta ba tagar baya. Idan kika juya, taga tana bayanki, kyamara za ta auna hasken waje ta mayar da ke inuwa. In a tsakar gida ne, to da hantsi ko bayan La'asar, wajen ƙarfe huɗu da rabi zuwa biyar da rabi, tunda a nan ƙasar rana kusan shida take faɗuwa duk shekara. Ranar tsaka tana dukan goshi ta bar ramukan ido baƙi ƙirin. Farin ƙwan lantarki na dare kuma toka yake shafa wa mutum.

Ga wani abu da ke cin 'yan'uwanmu mata: farin hijabi. Kyamara tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, fuskar ta nutse. Maganinsa mai ɗauka ta taɓa fuskarki a jikin wayar kafin ta danna, in ɗan hoton rana ya fito a gefe ta ja shi sama kaɗan, har launin da ke wayar ya yi daidai da wanda take gani da idonta. Daidai, ba fiye ba. Nan ne iyaka tsakanin gyara hoto da sauya mutum. In kina da mayafi mai kala, ruwan goro ko shuɗi ko kore, ya fi sauƙin aiki.

A ɗauki kamar talatin tana jan ki da hira, don dariyar gaske ba ta zuwa da "ɗaya, biyu, uku". Kuma kada ki zaɓa da kanki. Masu bincike a Ostareliya sun gano a 2017 cewa hoton da wasu suka zaɓar wa mutum ya fi burge jama'a a kan wanda ya zaɓar wa kansa. Mun saba da fuskarmu ta madubi, kuma aibin da muke bi da ido ba wanda ya lura da shi. Ki ware biyar, ki nuna wa mutum biyu da ba sa jin nauyin gaya miki gaskiya, ki tambaye su wanne ne ya fi kama da ke ranar da kike cikin farin ciki.

Huɗu sun isa. Na farko fuska a sarari, ke kaɗai. Na biyu tsaye cikin kayan da kike fita da su kullum. Na uku kina kan kekenki, tef a wuya, atamfa a gaba, domin shi zai faɗi abin da kika rubuta ba a karanta ba, ya kuma ba mai kunya abin buɗe zance. Na huɗu ne na kwalliyar Sallah, a ƙarshe, ba a farko ba. Duk su zama na cikin shekarar nan. Ki duba bayan kowanne kada a ga allon shagonku ko lambar gida. Ni kullum shawarata, kafin wani ya sayi tikitin mota a yi kiran bidiyo na minti biyar, yayanki ko gwaggonki na kusa.

"Na ɗauki hoto jingine da motar ogana a East Legon. Ai ban ce tawa ba ce, ko?"
Wani direba daga Nima, Accra

Ba ka ce ba, ɗan'uwa, hoton ne ya ce, kuma ka san abin da zai ce shi ya sa ka jingina. Ranar da ka sauko daga turoturo a ƙofar gidansu za ka yi bayani. Tuƙi sana'a ce ta mutunci. Zauna a bayan sitiyari ka ɗauka, ka rubuta direba a ƙasa. Baƙin gilashin nan ma a cire shi, mace tana son ganin idon wanda zai aure ta.

"Ina jin nauyin sa fuskata, kowa a unguwa zai gani. Ba yadda za a yi?"
Wata bazawara daga Madina, Accra

Akwai, Hajiya. Muzz tana ba da damar dusashe hotuna, ki buɗe wa wanda kika yarda da shi kaɗai, kuma za ki iya sa waliyyinki ya riƙa ganin hirar. Ki sani masu tuntuɓa za su ragu, sai bayaninki ya yi aiki biyu. Wanda kika buɗe wa kuma zai iya ɗaukar hoton da wata wayar, saboda haka abin da ba za ki so a gani a gidan suna ba kada ya hau. Hoton fure ko na Ka'aba a gurbin fuska kuwa bai da amfani a nan.

"Hotona a waya garau yake, ina ɗorawa sai ya dushe."
Wani ɗalibi daga Asawase

Wanda abokinka ya turo maka ta WhatsApp kake ɗorawa, an riga an matse shi, manhajar ta sake matsewa. Ya turo a matsayin `Document`, ko aƙalla ya danna `HD`. Kuma ka daina yanko kanka daga hoton biki na mutum goma, kafaɗar ango tana nan a gefe, duk muna gani.

"Wani ya turo hotuna masu kyau ƙwarai, ya ce yana Jamus, amma kullum kyamararsa ta lalace. Yanzu yana so in tura masa kuɗi ta MoMo a fito da kayan da ya aiko mini."
Wata 'yar kasuwa daga Sabon Zango, Accra

Kada ko sidi ɗaya ya fita, 'yar'uwa. Saka hoton a Google Lens, sau da yawa za ki same shi a shafin wani da wani suna daban. Ko ba ki samu ba, ce masa ya kira ki ta bidiyo yau, ya ɗaga yatsu uku ya ambaci sunanki. In kyamarar ta sake lalacewa, toshe shi, ki kai ƙararsa ta `Report` a cikin manhajar kafin ya faɗa kan wata.