Tambayoyinku: Agogonka lafiya lau, na Amurka ne ya motsa

*Malam, ina yi wa wani kamfani a New York aikin shafin intanet daga Kano. Kowace Talata muna ganawa ƙarfe 4 na yamma. A watan Maris na shiga ƙarfe 4 kamar kullum, na tarar an tashi tun tuni. Ko wayata ce ta samu matsala?*

Ɗan'uwa, bar wayar nan ta huta, ba ta yi maka laifin komai ba. Duk shekara sai na samu irin wannan wasiƙa, kuma abin yana ci mini rai, domin mutum zai yi wata shida yana gina amana, ya rushe ta cikin awa ɗaya saboda abin da ke rubuce a kalanda tun farkon shekara.

Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu. Rani da damina muna kan UTC+1, wato awa ɗaya gaba da ma'aunin lokaci na duniya. Yawancin jihohin Amurka kuwa suna tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta watan Maris, su mayar da shi baya a Lahadi ta farko ta Nuwamba. A 2026 ranakun su ne 8 ga Maris da 1 ga Nuwamba. Saboda haka tazararka da New York iri biyu ce: awa 6 daga Nuwamba zuwa Maris, awa 5 a sauran shekarar. Su a wajensu ganawar tana nan ƙarfe 10 na safe, ba ta gusa ba. Kai ne ka haddace "ƙarfe 4" kamar karatun allo, alhali daga ranar da suka tura agogo ta koma ƙarfe 3 a Kano. A Nuwamba za ta dawo ƙarfe 4, don haka ka san yadda za ka yi da La'asar tun yanzu.

Kada kuma ka ɗauka rana ɗaya kowa yake canzawa. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sai Lahadin ƙarshe ta Maris, su koma a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 2026 ke nan makonni uku ne cur, daga 8 zuwa 29 ga Maris, da Amurka ta riga ta canza amma Landan ba ta canza ba. Idan ganawarku ta haɗa mutanen wuraren biyu, a makonnin nan ake yin ɓatan kai. Landan ma da kanta, lokacin sanyinsu tana bayanmu da awa ɗaya, lokacin zafinsu agogonmu ɗaya.

Maganin shi ne ka daina lissafi da yatsu. Duk ganawar da ake maimaitawa ta shiga kalanda, kuma a ɗaure ta da lokacin garin mai ba ka aiki. A Google Calendar ta kwamfuta, idan kana rubuta ganawa akwai Time zone kusa da wurin sa lokaci. Zaɓi New York, ka sa ƙarfe 10. Kalandar za ta riƙa nuna maka 3 ko 4 da kanta gwargwadon wata. Idan ka ɗaure ta da lokacin Legas, matsalar ce za ka juye musu: wata rana su ga ganawa ta koma ƙarfe 11, ta hau kan wata. Sannan ka shiga Settings ka kunna Display secondary time zone, agogon biyu su tsaya gefe da gefe.

Wani abin da nake roƙon kowa: a daina rubuta gajerun sunayen lokaci irin su EST da CST a saƙo. Amurkawa da yawa suna rubuta EST duk shekara, ko lokacin da ainihin sunan agogonsu EDT ne, kuma tsakanin biyun akwai awa guda. CST kuwa ana kiran na tsakiyar Amurka da shi, ana kiran na Sin da shi. Ni sunan gari nake rubutawa, kuma duka biyun: Talata, 10 na safe a New York, 3 na yamma a Kano. Idan ɗayanmu ya yi kuskure, ɗayan zai gani kafin ranar.

Game da ganawar da ta wuce, ka rubuta musu gaskiya a layi biyu, ka ce ka gyara kalanda. Kada ka ɗora wa wutar lantarki.

*Ina yi wa wata mata a California zane-zanen talla. Saƙonninta ƙarfe 2 na dare suke shigowa, ni kuma ina tsoron in yi shiru ta nemi wani. Wata biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.*

Ƙanwata, ƙarfe 2 na darenki ƙarfe 6 na yamma ne a wajenta, ko 5 lokacin sanyinsu. Tana tattara kayanta ne za ta tashi daga aiki, tana zuba miki abin da ya rage a kanta kafin ta manta. Da wuya a ce tana zaune tana jiran amsa. Ke ce kika koya mata cewa kina amsawa a wannan lokaci, kuma ranar da barci ya sace ki, sai ta ga kamar kin canza.

Ki rubuta mata sau ɗaya, a sarari: kina aiki daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ga yadda ya faɗo a agogonta, kuma duk saƙon da ya zo bayan haka za ta samu amsarsa kafin ta buɗe kwamfuta da safe. Ki ware hanya ɗaya tak, misali kiran waya, don abin gaggawa na gaske. Sauran kuma Do Not Disturb ya riƙe su.

Tazarar nan riba ce idan kin iya ta. Ƙarfe 9 na safenta shi ne 5 ko 6 na yammarki, wato kina da yini guda kina aiki tana barci. Kafin ƙarfe 5 ki aika rahoto ɗaya: abin da kika gama tare da mahaɗin da za ta duba, abin da za ki kama gobe, da abin da ya tsaya sai ta yanke shawara. A wannan na ƙarshen ake asarar kwanaki. Idan kika rubuta "wane launi kike so?", ta amsa da "waɗanne ne akwai?", kwana guda ya tafi a banza, domin kowace tambaya da amsarta dare ɗaya suke ci. Ki haɗa mata shuɗi da kore duka biyu, ki ce kin fi son shuɗin saboda rubutu ya fi fitowa, kuma idan ba ki ji daga gare ta ba zuwa safiyarki, da shi za ki ci gaba. Ranar Juma'a ko hutun Sallah kuma ki sanar da ita mako guda kafin nan, don ba sa cikin kalandarta.

*An ce in miƙa aiki 04/05. Na ɗauka 4 ga Mayu ne.*

Idan Ba'amurke ne ya rubuta, 5 ga Afrilu yake nufi, su wata suke fara sawa. Ka tambaya yau ɗin nan, kuma daga yanzu ka riƙa rubuta sunan watan da haruffa.

*Agogon kwamfutata daidai yake, amma duk gayyatar ganawa sai ta nuna lokacin da ba shi ba.*

Malam, da hannu ka murɗa agogon, ka bar kwamfutar tana zaton tana ƙasar da aka sayo ta. A Windows ka shiga Date & time, a Time zone ka zaɓi (UTC+01:00) West Central Africa, sannan ka kunna Set time automatically.