Talabijin tana ɓace wa wayata duk sanda aka ɗauke wuta

Tambaya: "Jama'a a taimaka min. Manhajar da nake tura bidiyo da ita daga waya zuwa talabijin, yau ta gan ta, gobe ta ce babu. Musamman in an ɗauke wuta an dawo da ita. Mene ne maganinsa?"

Ɗan'uwa, na sha wannan wahalar kusan wata biyu kafin na gane bakin zaren. Rauta, wato na'urar da ke ba da wayfay, ita ce ke raba wa kowace na'ura adireshi a gidan, kuma aro take bayarwa. In wuta ta ɗauke, rauta da yawa sukan manta wa suka ba me. Tawa talabijin ɗin tana kan 192.168.0.103, wuta na dawowa sai wayar ɗana ta riga ta shiga ta karɓe lambar, ita kuma a ba ta 192.168.0.105. Manhajar tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

Abin yi shi ne ka sa rauta ta keɓe mata adireshi ɗaya. Fara shiga saitin sadarwa na talabijin ka kwafo lambar MAC Address, wadda take da haruffa da lambobi 12. Nan ne na yi kuskure, don Allah ka kula: talabijin mai wurin soka igiyar intanet tana da irin wannan lambar guda biyu, ɗaya ta wayfay, ɗaya ta igiya. Ni ta igiya na rubuta alhali da wayfay nake aiki, shi ya sa babu abin da ya canza. Ɗauki ta hanyar da kake amfani da ita.

Sai ka buɗe shafin rauta a burauza, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, yana rubuce a bayanta. Nemi DHCP, a ƙarƙashinsa za ka ga Address Reservation, wasu kuma Static Lease suke cewa. Sa lambar MAC ɗin, ka ba ta adireshin da ba kowa a kai, wanda kashi uku na farkonsa suka yi daidai da na rautarka. Ni 192.168.0.150 na zaɓa. Ka adana, sannan ka zare talabijin daga soket ka mayar, domin sai ta sake neman adireshi za ta karɓi sabon. Koma saitinta ka duba: in 150 ya fito, ta zauna. Goge tsohuwar talabijin daga manhajar ka sake ƙara ta.

Amma gaskiya wannan ya fi yi wa manhajojin da ke riƙe adireshi magani. Masu lalubo talabijin da kansu kira suke yi ga duk na'urorin gidan, wadda ta amsa su nuna ta. In adireshin ya zauna amma har yanzu ba ta fitowa, to kiran ne ba ya isa. Duba a shafin rauta ko AP Isolation, saitin da ke raba na'urori da juna, a kunne yake ka kashe shi, ka kuma tabbatar wayarka ba a kan wayfay ɗin baƙi take ba, don shi an yi shi ne ya hana na'urori ganin juna.