Mafarkin Rijiya: Ru'uya Ce ko Zancen Zuci?

"Ina zaune a Jidda. Dare uku a jere ina mafarkin mahaifiyata ta faɗa rijiya, na farka a firgice. Tana kwance ba lafiya a Gadarif. Ishara ce?"

Ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, baƙantawa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa.

Naka, a ganina, ya fi kama da na ukun. Da tunanin jinyarta kake kwana, kana nesa, to zuciya ce ke maimaita tsoronta cikin barci. Maimaituwa kaɗai ba ta mai da shi ru'uya, wato mafarkin gaskiya irin na farkon nan. Ita ru'uya ta gari takan zo a tsare, ba a cakuɗe ba, kuma galibi natsuwa take bari a zuciya.

Firgicin kuwa yana da magani a Sunna: ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsari daga Shaiɗan da sharrin abin da ka gani, ka juya kwanciya, ko ka tashi ka yi salla. Kada ka ƙara ba kowa labarinsa, balle Hajiya. Ka dai kira ta yau ka ji muryarta.