Rubuta jawabin Hausa ga wanda ba da ita ya tashi ba

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Tudun Wada, Kaduna. Shugabanmu Bayarabe ne wanda ya zo garin nan da girmansa. Yana ciniki da Hausa ba tare da wata matsala ba, amma duk lokacin da na rubuta masa jawabi sai ya riƙa sarƙewa, har matasa su fara murmushi. Muna da taron shekara wanda hakimi zai halarta, kuma an ba shugaba minti biyar. Yaya zan tsara masa rubutun?

Amsa: Malam sakatare, kafin ka ɗora alƙalami a kan takarda, ka je shagon shugabanku ka zauna na rabin sa'a kana sauraron yadda yake magana da abokan ciniki, ka riƙa rubuta kalmomin da suke fita daga bakinsa a sake. Waɗannan kalmomi su ne jarinka. Ina kyautata zaton cewa Hausar da kake rubuta masa irin ta labarun rediyo ce, mai cike da "la'akari" da "ƙaddamarwa" da "ƙalubale", alhali shi Hausar da ya mallaka ta kasuwa ce, kuma ita ma cikakkiyar Hausa ce wadda za ta iya ɗaukar jawabi a gaban hakimi.

Yayin da kake sauraronsa, ka kula da sautukan da ke ba shi wahala. Yarabanci ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da 'y da ts, haka kuma ba shi da z da c, saboda haka wanda ya koyi Hausa da girma yakan mayar da ƙ ta zama k, ts da z su zama s, c kuma ta zama sh. Sai dai kada ka ɗauka cewa dole ne ka kori duk kalmar da ke da ɗaya daga cikin waɗannan haruffa, domin hakan ba zai yiwu ba, kuma ba a bukatarsa. Kunnen mutanen Kaduna ya saba da Hausar kowane irin baki, ta mutumin Kafanchan da ta Banufe da ta Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota, don haka idan shugaba ya ce "ranka ya dade" maimakon "ranka ya daɗe", babu wanda zai ɗaga kai. Abin da za ka farauta shi ne wurin da sauyin sauti yake haifar da wata kalma dabam mai ma'anarta. "Manyan baƙi" tana komawa "manyan baki", kuma wannan ita ce ta fi kowace jawo dariya domin a farkon jawabi take zuwa, lokacin da kowa ya yi tsit. "Ƙasa" tana komawa "kasa", "ƙare" tana komawa "kare", "zama" tana komawa "sama". A gaban 'yan kasuwa kuwa akwai guda biyu masu haɗari na musamman, wato "tsari" da ke komawa "sari" da "tsaro" da ke komawa "saro". Na taɓa rubuta wa wani shugaban ƙungiya cewa an fito da sabon tsari, ban sa ya karanta mini kafin taro ba, aka tashi wasu suna tambayar ina ne za a yi sabon sarin. Laifina ne, ba nasa ba.

Bari mu ɗauki jimla irin wadda nake zaton kana rubutawa, mu warware ta. Ga ta: "Bisa la'akari da ƙalubalen tsaro da ke addabar 'yan kasuwarmu, musamman ɓarayin da ke fasa shaguna cikin dare, ƙungiyarmu ta yanke shawarar ƙaddamar da wani sabon tsari na ɗaukar masu gadi, wanda muke kyautata zaton zai kawo ƙarshen wannan matsala." Kalmomi 40 ne a jimla guda, kuma ko Bakano sai ya nemi wurin shan iska a tsakiyarta. Babban aibinta shi ne ainihin maganar, wato an ɗauki masu gadi, ba ta bayyana sai an wuce kalma ta ashirin, don haka mai karatu yana tafe a cikin duhu, bai san inda zai ɗaga murya ko ya sauke ta ba. Ga kuma baƙaƙe masu ninki a "addabar" da "ƙaddamar", da hamzar da ke tsakiyar "la'akari", da "tsaro" da "tsari" duk a wuri ɗaya.

Ga yadda zan mayar da ita: "Ana fasa mana shaguna da dare. Mun yi asara mai yawa. Mun yi shawara a kan haka. Mun samo masu gadi shida. Sun fara aiki ranar Litinin. In Allah ya so, mun rabu da wannan sata."

Idan ka ƙirga za ka tarar da kalmomi 36, wato tsawon bai ragu sosai ba, kuma har an sami wurin faɗin yawan masu gadin da ranar da suka fara aiki, abin da jimlar farko ba ta faɗa ba. Abin da ya sauya shi ne an raba kayan gida shida, kowane gida magana ɗaya, kuma mafi tsawonsu kalmomi tara ne, wanda numfashi ɗaya ya ishe shi. Babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a ciki, babu ts, babu z, babu c. An yi hakan ne ta hanyar faɗin abin da ya faru maimakon kiran sunansa: maimakon "ƙalubalen tsaro" aka ce ana fasa shaguna, maimakon "ɓarayi" aka ce sata.

Akwai wata riba a cikin "mun" da "sun" wadda ba kowa ke lura da ita ba. Yarabanci ba ya bambanta namiji da mace a nahawunsa, shi ya sa "ya" da "ta", da "ne" da "ce", suke cikin abubuwan da suka fi daɗewa suna kayar da mai koyo. Ko da ka rubuta "ƙungiya ta yanke" daidai, idan shugaba ya ɗaga kai ya dubi jama'a ya ci gaba da ka, bakinsa zai iya komawa "ƙungiya ya yanke". Jam'i ba shi da jinsi, saboda haka duk inda ma'ana ta yarda ka ce "mun yi" ko "sun zo". Haka nan gajeriyar jimla tana raba shi da sauyin "sun" zuwa "suka" da na "muna" zuwa "muke", wanda doguwar jimla mai "wanda" da "da" take tilastawa.

Gajarta ma tana da iyakarta. Idan jawabin duka ya zama jimloli masu kalmomi biyar biyar, zai yi kama da littafin karatun aji ɗaya, kuma dattijo mai daraja a kasuwa zai ji an raina shi tun kafin jama'a su ji. Maganin hakan shi ne ka riƙa saka ƙananan mahaɗai irin su "amma" da "don haka" da "bayan haka" a farkon wasu jimlolin, sannan bayan gajeru uku ko huɗu ka bar guda ta kai kalmomi goma sha biyu, muddin da kalmomin da ka ji a shagonsa ka gina ta. Karin magana kuwa guda ɗaya ta isa, kuma ta kasance sananniya. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" tana da ɗ har biyu, amma ba na jin tsoronta, domin da ya fara ta jama'a za su ƙarasa masa.

Gaisuwar farko ba ta gajartuwa yadda kake so, domin ba a tauye wa hakimi sarautarsa. Ka rubuta kowane mutum a layinsa, da sarautarsa ko muƙaminsa cikakke, ka rage yawan waɗanda za a kira ɗaya bayan ɗaya zuwa uku ko huɗu, sauran kuma a haɗa su da "iyayenmu da sauran masu girma", wadda ta maye gurbin "manyan baƙi". Lambobi kuma ka rubuta su da kalmomi, domin wanda ya ga alƙaluma yakan fara karanta su a zuci da harshensa ko da Turanci kafin ya juya su, kuma a nan ne ake yin shirun da ke kama da mantuwa. Idan kuɗin da aka tara naira 2,497,000 ne, ka rubuta "kusan naira miliyan biyu da rabi", cikakken lissafin kuma ma'aji ya karanta shi.

Game da minti biyar ɗin, kada ka auna da bakinka. Ka ba shi sakin layi mai kalmomi 100 ya karanta a tsaye da murya sama, kana duba agogo. Idan ya ɗauki minti ɗaya da daƙiƙa 15, to yana yin kalmomi 80 a minti, ke nan jawabinsa kada ya wuce kalmomi 400, kuma ni zan tsaya a 350 saboda tafi da gyaran abin magana. Ka buga da haruffa masu girman 18, kowace jimla a layinta, kada wata ta tsallaka daga shafi zuwa shafi.

Abu ɗaya da takarda ba za ta iya yi masa ba shi ne nuna karin sauti da tsawon wasali, tunda rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna su: "faɗa" ta rigima da "faɗa" ta magana rubutunsu ɗaya ne, haka "gashi" na kai da "gashi" na nama. Don haka ka karanta jawabin da kanka a hankali, ka ɗauka a waya, ka tura masa ya riƙa saurare kwana uku ko huɗu kafin taron. Bayarabe yana da kunnen karin sauti tun daga harshensa, kuma za ka ga ya kama da sauri. Sannan ku yi gwaji sau uku, kana riƙe da kwafinka da jan biro. Duk kalmar da ya yi tuntuɓe a kanta sau biyu, ka sauya ta nan take, kada ka tsaya koya masa ita, domin abin da aka koya daren jiya shi ne farkon gudu idan mutum ya ga taro. A gwaji na ƙarshe ka kira wani yaron shago wanda bai ga takardar ba ya zauna daga nesa, in an gama ka tambaye shi masu gadi nawa aka samo da ranar da suka fara aiki. Idan ya ce shida, ranar Litinin, sai ka buga kwafi biyu, ɗaya na shugaba, ɗaya kuma a aljihunka.